Takalmin yaro ba ya jiran Sallah

Ƙannena da ke renon 'ya'yan fari a Makka da Jidda da Madina, akwai al'adar da muka taso muka tarar, mu ma muka bi ta shekara da shekaru kafin mu gane illarta. Ana saya wa yaro takalmi ne idan Sallah ta zo, ko idan za a koma makaranta, ko ranar da tsohon ya tsinke. A tsakanin waɗannan lokuta babu mai sunkuyawa ya duba ƙafar yaron, tunda bai yi kuka ba. To ku lura da yadda Sallolin suke. Daga ƙaramar Sallah zuwa babba wata 2 ne da kwana 10, amma daga babba zuwa ƙaramar da ke biye ya haura wata 9. Yaro ɗan shekara 2 ba zai yi wata 9 cikin takalmi ɗaya ƙafarsa ta zauna lafiya ba.

Abin da ya sa ba za a dogara da kukan yaro ba shi ne yanayin ƙafar tasa. Ƙafar ƙaramin yaro ba ta gama zama ƙashi ba, mafi yawanta guringuntsi ne mai laushi, ga kitse ya lulluɓe ta. Idan aka cusa ta a takalmin da ya yi mata kaɗan sai ta lanƙwashe ta bi siffarsa, yaron kuma ba ya jin zafin da babba zai ji. Ga shi yara na son sabon abu. Ki tambayi 'yar shekara 4 ko takalmin nan mai ƙyalƙyali ya matse ta, za ta ce a'a, don tana tsoron kada a mayar wa mai shago. Saboda haka awo ne zai gaya miki gaskiya.

Tsakanin shekara 1 zuwa 3 ƙafar yaro na ƙara tsawon kusan milimita 1 da rabi a kowane wata, don haka a wannan shekarun ana sake awo duk wata 2, kada ya wuce 3. Daga shekara 3 zuwa 6 girman yana raguwa zuwa kusan milimita 1 a wata, sai a riƙa awo duk wata 3 zuwa 4. Daga nan zuwa shekara 10 duk wata 4 zuwa 6 ya wadatar. Waɗannan ƙididdiga matsakaici ne, domin ƙafa takan yi wata da watanni kamar ta tsaya, sannan ta zabura a 'yan makonni. Kada kuma a saki jiki idan yaro ya doshi balaga, don ƙafa ce ke fara miƙewa kafin tsawon jiki ya biyo baya. Ta 'ya mace takan kusa tsayawa wajen shekara 13 zuwa 14, ta ɗa namiji kuwa sai wajen 15 zuwa 16. Jaririn da bai fara tafiya ba, shi ba ya bukatar takalmi, sai dai a duba safarsa da rigar barci mai haɗe da ƙafa, su ma suna matse yatsu.

Yadda ake awon a gida babu wuya. Ki nemi kwali mai ɗan kauri, irin na kayan baƙala, da fensir da rula ko tef ɗin tela. Ki bari sai da yamma, lokacin da yaro ya wuni yana zirga-zirga, domin ƙafa na ɗan kumbura da yamma, balle a zafin Makka. Ki shimfiɗa kwalin a kan tayil, ki jingina bakinsa da bango. Kada ki yi a kan kafet, yana lotsawa ya ɓata lissafi. Yaron ya tsaya a kai, dunduniyarsa na taɓa bango, nauyinsa a kan ƙafafu biyu, yana kallon gabansa. Tsayuwar nan dole ce, don ƙafa na bajewa idan ta ɗauki nauyi, wanda aka auna a zaune kuwa awonsa zai fito gajere. Ki ɗan shafa yatsun su miƙe, ki riƙe fensir a tsaye cak, ki ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo. A wasu yaran babban yatsa ne, a wasu kuma na kusa da shi. Ki auna ƙafa biyun, da wuya su zo daidai, kuma da babbar za ki yi aiki. Idan takalmin makaranta ne da za a sa da safa, a auna da safar a ƙafa.

A kan tsawon da kika samu za ki ƙara sarari. Sabon takalmi sau-ciki ya kamata cikinsa ya fi ƙafar tsawo da milimita 12 zuwa 17. Wani ɓangare na sararin na tafiya ne, saboda duk takun da yaro ya yi yatsunsa na zamewa gaba, sauran kuma na girma ne. Idan sararin ya ragu ya koma ƙasa da santimita 1, lokacin canji ya yi.

Bari mu bi lissafin da misali. A ce yarinya ce 'yar shekara 2 da rabi, an auna ta a ƙarshen azumi, ƙafar dama santimita 14.5, ta hagu 14.2. Za a ɗauki 14.5 a ƙara 1.5, wato ana neman takalmin da tsawon cikinsa santimita 16 ne. Ki yanki kwali siriri mai faɗin yatsa biyu, tsawonsa 16, ki tafi da shi kasuwa, ko Utaibiyya ce ko Balad ta Jidda. Ki zura shi cikin takalmin. Idan ya kwanta lif daga dunduniya zuwa baki, takalmin ya yi. Idan ya tanƙware, ya yi kaɗan, kome lambar da aka rubuta a ƙasansa. A babbar Sallah ƙafar ta kai wajen 14.8, sarari ya rage 1.2, har yanzu lafiya. Zuwa farkon Safar, wata 4 ke nan, ƙafar ta kai 15.1, sarari ya koma milimita 9, sai a nemi wani. Da za a bar ta da shi har wata ƙaramar Sallah, ƙafar za ta kai kusan 16, ta cika cikin takalmin babu sauran sarari, kuma yarinyar za ta ci gaba da sa shi da yatsu a dunƙule.

Na dage kan kwalin nan ne saboda lamba na yaudara. Shagunan Saudiyya galibi lambar Turai suke amfani da ita, irin su 24, 25, 26, kuma tazarar da ke tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku na santimita ne kacal, wato bai kai milimita 7 ba. A lissafi santimita 16 ita ce lamba 24. Amma ki ɗauko lamba 24 na kamfani uku ki auna cikinsu, za ki ga sun bambanta, kuma sau da yawa gajarta suke yi. Idan cikin 15.3 ne, yarinyar da muka yi misali da ita ta fara sa shi da sararin milimita 8, wato ya yi mata kaɗan tun ranar da aka saya. Haka nan idan za ki aika wa 'ya'yan 'yan'uwa tsarabar takalmi zuwa Kano ko Zinder ta hannun alhazai, ki ce a auno miki ƙafar a santimita, kada a gaya miki shekarun yaro kawai.

Danna bakin takalmi da babban yatsa, wanda kowa ke yi a shago, ba abin dogaro ba ne. Da zarar yaro ya ji an danna sai ya janye yatsunsa, ke kuma ki ji kamar akwai wuri. Idan shimfiɗar cikin takalmin tana cirewa, ki zaro ta ki aza a ƙasa yaron ya taka. Nan take za ki ga sauran tsawon da ya rage, ki kuma ga faɗi. Idan gefen ƙafar ya zubo waje, takalmin ya yi masa siriri ko da tsawon ya isa. A tsohon takalmi ma shimfiɗar na nuna shatin yatsu, idan shatin ya kai baki babu sauran magana.

Alamun da ke jikin ƙafar su ne suka fi muhimmanci, kuma lokacin ganinsu shi ne daidai sa'ar da yaro ya cire takalmi bayan ya dawo daga makaranta. Ki duba bayan dunduniya, da gefen ƙaramin yatsa, da gindin babban yatsa, da saman gaɓoɓin yatsu. Ɗan shatin safa da ke ɓacewa nan da nan ba komai ba ne. Shatin da ya daɗe bai baje ba, ko wurin da fata ta yi ja ko ta yi duhu fiye da kewayenta, yana nuna matsi. Bororo da kanta na nuna an daɗe ana gugar wurin. Farce ma na ba da labari: idan na babban yatsa ya fara shiga nama, ko ya yi baƙi a ƙasa, ko bakinsa na karyewa, to yana dukan bakin takalmi ne. Safa da ke hujewa kullum a wuri ɗaya alama ce, haka ma igiya ko maɗaurin da a da yake rufewa da sauƙi, yanzu sai an ja da ƙarfi.

Sai halin yaron. Wanda a da yake sa takalminsa da kansa, yanzu yana taka bayansa ya mai da shi kamar silifa, ko yana cire shi da zarar an shiga mota, ko ya yawaita tuntuɓe, ko ya ce a ɗauke shi bayan 'yar gajeruwar tafiya, kafin a ce rigima ce a duba ƙafarsa.

Yaranmu a nan silifa da sandal suka fi wuni da su, kuma wannan na ɓoye girman ƙafa, tunda babu abin da ke tare yatsu. A silifa alamar ita ce dunduniya ta zarce baya ko yatsu su leƙo gaba, abin da ke jawo ƙuna a kan kwalta mai zafi da rana. Matsalar ta fi fitowa bayan dogon hutu. Yaro ya yi wata 2 ko fiye da silifa, ranar komawa makaranta a ƙarshen Agusta a ɗauko masa kambas ɗin da ya ajiye a Yuni. Ki auna shi mako guda kafin a koma.

Wasu kuma don gudun ɓarnar kuɗi sai su sayi wanda ya ɗara da lamba 2 ko 3, su cusa auduga a baki. Na san tsadar rayuwa ce ke sa haka, amma takalmin da ya yi yawa yana sa dunduniya ficewa, yaro ya riƙa damƙe yatsu don ya riƙe shi, yana jan ƙafa yana faɗuwa. Gara mai araha da ya dace a canja shi a kan lokaci. Takalmin yaya ko wa kuwa ana iya ba ƙane idan an auna cikinsa ya yi daidai, ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, bayansa kuma bai karye ba. A wanke shi a shanya ya bushe sosai kafin a ba shi.

Idan an canja takalmi amma bayan mako 2 yaro na ɗingishi ko yana kukan ciwo, ko farce ya kumbura yana ruwa, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da fiye da santimita 1, a kai shi wurin likitan yara, a tafi da takalman da yake sawa don likita ya ga yadda ƙasansu ya cinye.