Tambayar da ta kayar da ni a kan Pavlov da Skinner

Ƙannena masu karatun ilimin halayyar ɗan Adam, akwai makin da na zubar a shekarar farko wanda har yau yake min ciwo, kuma ba na so ku zubar da irinsa.

Na haddace komai. Pavlov ɗan Rasha ne, yana haɗa wani sauti da abinci har kare ya riƙa dalalar da yawu da jin sautin kaɗai, wannan salon koyo shi ne kilasikal. Skinner Ba'amurke ne, ɓeransa na cikin akwati yana danna ƙarfe abinci ya faɗo, wannan ofarant. Da na buɗe takardar jarrabawa ban tarar da kare ko ɓera ba. Labarin wani yaro aka kawo: mai farar riga ya yi masa allura, tun daga ranar da ya hango farar riga sai ya tsorata ya fashe da kuka. Uwar takan ba shi alewa ya yi shiru, har ta kai yana yin kuka a ƙofar kowane kanti. Na rubuta kilasikal daga farko har ƙarshe, rabin makin ya tafi.

Abin da ya kamata in tambayi kaina shi ne: abin da ya biyo baya, ya dogara da aikin yaron? Allura za ta shiga ko ya yi kuka ko bai yi ba. Farar riga ta zo, zafi ya biyo ta, jikinsa ya ƙulla su ba da zaɓinsa ba, kamar yawun kare. Zafin allura ba a koyon sa, tsoron riga kuwa koyon sa ya yi. Nan ne kaɗai kilasikal.

Alewa fa? Sai ya yi kuka take zuwa. Aikinsa ne ya jawo sakamako, sakamakon ya sa aikin ya yawaita, don haka kukan ƙofar kanti ofarant ne. Hawayen iri ɗaya ne a ido, shi ya ruɗe ni. Ku riƙa ja wa abin da ya zo kafin hali layi guda, wanda ya zo bayansa layi biyu, sannan ku yanke hukunci.

Uwar ma tana cikin tambayar, ni kuwa ko kallonta ban yi ba. Duk sanda ta miƙa alewa, kukan da ke damunta yakan tsaya, sai ta ƙara sabawa da miƙawa. An ɗauke mata abin ƙi, halinta ya ƙaru: ƙarfafawa ce ta hanyar cirewa, wadda ɗalibai da yawa suke ɗauka horo ce, wato hukunci, saboda kalmar negetib da ke cikin sunanta na Turanci. Horo rage hali yake yi. Halin uwar nan ƙaruwa ya yi, kuma malaminmu ya ware wa wannan gaɓar maki nata daban.