Fassara jadawalin Larabci daga hoto: a fara ƙirga daga ƙasa

Takardun makin ɗalibai da ake kawo wa masu fassara a Yamai, galibi hotonsu ne aka ɗauka da waya, kuma inda aka fi yin ɓarna a cikinsu shi ne gidajen da aka haɗe. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne kada a taɓa ko kalma ɗaya sai an san gidaje nawa ke layin ƙasa, domin layin take na sama yana ɓoye adadin.

Ga misali. Daga dama akwai المادة, wato darasi, sai الفصل الأول, zango na ɗaya, sai الفصل الثاني, zango na biyu, sai المجموع, jimilla. Take huɗu ke nan, amma gidajen ƙasa shida ne, saboda kowane zango ya rufe gida biyu: تحريري, jarrabawar rubutu, da شفوي, ta baka. Makin Nahawu daga dama 14, 9, 11, 16 ne, jimilla 50. Mai fassara yakan juya taken zuwa tsarin Faransanci, amma idonsa ya kwashi makin daga hagu, ya rubuta 16, 11, 9, 14. Lissafi ba zai tona wannan ba, jimilla tana nan 50, alhali 9 ɗin da ɗalibi ya ci a jarrabawar baka ta zangon farko ta koma ta rubutu a zango na biyu. An canza wa yaro sakamako ba tare da kowa ya lura ba.

Maganinsa, a buga hoton a takarda, a sa wa gidajen ƙasa lamba daga dama, 1 zuwa 6. A zana sabon jadawali mai gida shida wanda ba a haɗe komai ba, a rubuta wa kowane gida cikakken takensa: zango na ɗaya rubutu, zango na ɗaya baka, har ƙarshe. Sannan a shigar da maki lamba da lamba. Haɗewa ita ce aikin ƙarshe, da Fusionner les cellules a Word. A Excel a yi hattara, abin da ke gidan farko kaɗai yake bari.

Gidan da aka haɗe a tsaye ya fi wayo. Idan Nahawu da Sarfu suna da maki guda, ana rubuta shi a tsakiyarsu, kuma karkacewar hoto kaɗan ta isa ta jingina shi ga ɗaya. A bi zanen layin da bakin takarda: in ya katse a gidan, makin na darussan biyu ne, in ya wuce, ɗayan gidan fanko ne, a bar shi haka. Inda haske ya cinye zanen, a nemi sabon hoto, wayar tana daidai saman takardar.

Alƙaluman kuma: ٥ biyar ce, ٦ shida ce, sifili ɗigo ne da ƙura kan iya kwaikwaya, kuma ١٤ daga hagu ake karanta ta, 14 ce.