Yadda ɗunɗu ya cinye mana filin kiwo

Ƙaramin kamfaninmu yana kiwon bijimai, yana kuma sayar da ciyawar gamba dami-dami ga masu saƙa zana da masu turkar shanu. Saboda haka dukiyarmu ita ce ciyawa, kuma babbar asarar da na taɓa yi ta faru ne a filin da wuta ta daina ci.

Mun cika shanu a gefen da ke kusa da rijiya damina uku a jere, suna cin gamba tun tana toho, har ta kasa tara ƙarfi a saiwarta. Da rani ya zo, babu busasshiyar ciyawar da za ta ɗauki wuta, ni kuwa na yi murna, ina ganin mun tsira daga gobara. Ashe wutar ce take danne ƙananan itatuwa. Matashin itacen da bai wuce mita 2 ko 3 ba, wuta mai ƙarfi takan ƙone samansa, ya sake tohowa daga gindi, ya yi shekaru a haka bai girma ba. Da zarar ya samu ƴan shekaru babu wuta, sai ya yi tsawo, ɓawonsa ya yi kauri, inuwarsa ta hana gamba fitowa. Ɗunɗu ne ya fara, domin dabbobi suna cin ƴaƴansa suna baza irin a cikin kashinsu, kuma yana tsirowa daga saiwa. Kalgo ya biyo baya. Alamar da ya kamata in lura da ita tun farko ita ce gamba tana raguwa, kyasuwa da ƙasa tsirara suna maye gurbinta.

Lokacin ƙuna ma yana da tasiri. Wutar watan Nuwamba, lokacin da ciyawa take da sauran danshi, takan bi sama-sama ta bar itatuwa. Ta Fabrairu ko Maris kuwa, bayan hunturu ya busar da komai, ita ce mai halaka su. An gwada wannan a gandun dajin Olokemeji kusa da Ibadan tun 1929, inda filin da aka hana wa wuta ya koma kurmi, wanda ake ƙonawa a ƙarshen rani kuma ya zauna ciyawa da ɗaiɗaikun itatuwa.

Gyaran ya ci mana kuɗi. Mun janye shanu damina guda cur, ba mu yanki ko dami ɗaya ba, muka sare ɗunɗun da ya riga ya fi ƙarfin wuta. Muka share hanya mai faɗi kewaye da filin saboda maƙwabta, muka share gindin kowace ƙaramar kaɗanya da ɗorawa, domin wuta ba ta tantance itacen amfani. A watan Maris muka kunna da yamma bayan iska ta kwanta, sannan muka saki awaki su ci sabon tohon kututture. Gamba ta dawo a yawancin filin, amma bakin rijiya, inda kofato ya daddaɓe ƙasa, har yanzu ɗunɗu ne.