Yadda na rubuta sanarwar neman ma'aikacin shagona na farko, bayan ta farko ta jawo mini rigima

Sanarwar da na fara liƙawa a ƙofar shagona layi biyu ce kacal. Na rubuta cewa ana neman yaron shago mai gaskiya da riƙon amana, kuma maganar albashi sai an zo. A lokacin ina ganin na faɗi duk abin da ya kamata, domin ni na san aikin da nake nufi, amma wanda ke karantawa daga waje bai san ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke raina ba. Mutane da dama sun zo, wasu suna zaton aikin rabin yini ne, wasu kuma da suka ji adadin albashin suka yi mini godiya suka tafi, bayan mun ɓata wa juna lokaci. Na ɗauki wani matashi mai natsuwa, muka yi magana ta baki, ya fara aiki washegari.

Bai cika wata biyu ba ya ajiye aikin, kuma da na zauna na duba abin da ya haɗa mu, sai na ga babu laifin sata ko na lalaci a ciki. Abubuwa uku ne, kuma dukkansu abubuwan da ban rubuta ba ne. Na farko, shi ya ɗauka aikinsa sayarwa ne, saboda haka duk ranar da motar kaya ta zo na ce ya sauke katan-katan, sai ya ga kamar na ɗora masa aikin wani. Na biyu, na ce masa ana rufewa ƙarfe 6 na yamma, alhali ƙidayar kuɗi da shigar da kaya suna kai mu 6:40. Na uku shi ne ranar da aka sami giɓi a kuɗin ciniki, na cire daga albashinsa ba tare da mun taɓa yin wannan maganar ba, ga shi kuma ni ma ina sa hannu a wannan aljihun teburin kullum, wato babu wanda zai iya rantsewa a hannun wa kuɗin suka ɓata.

Kafin in sake rubuta wata sanarwa, sai na ɗauki littafi na yi mako guda ina rubuta duk aikin da na yi a shagon da lokacin da na yi shi. Wannan shi ne matakin da ya fi amfanar da ni, domin mai shagon da ya daɗe yana aiki shi kaɗai ba ya lura da rabin abin da yake yi, hannunsa ne kawai ya saba. A ƙarshen makon na raba ayyukan gida biyu. Wanda zan miƙa wa ma'aikaci ya haɗa da karɓar abokan ciniki, karɓar kuɗi da ba da canji da rasit, jera kaya a kanta ta yadda tsoho zai kasance a gaba, shara da goge kanta, taimakawa wajen sauke kaya sau biyu a mako, da ƙidayar kuɗi tare da ni idan an tashi. Wanda na riƙe wa kaina kuwa shi ne sayo kaya, sanya farashi, ba da bashi, kai kuɗi banki, da riƙe makulli. Daga wannan kashi na biyu, maganar bashi da farashi na sa su a cikin sanarwar da gangan, saboda na lura cewa sabon ma'aikaci ya fi shiga matsala a wurin da bai san iyakar ikonsa ba, musamman idan tsohon abokin ciniki ya matsa masa da cewa mai shago yana ba shi bashi kullum.

Akwai jimla guda da na ga ana yawan sawa a irin wannan sanarwa, wato "da duk wani aikin da aka ba shi". Na ƙi sa ta. Jimla ce da ke rushe duk jerin da ya gabace ta, kuma ita ce ƙofar da aike-aiken gidan mai shago ke shigowa ta ciki. Haka kuma na cire kalmar "yaro", domin babba nake nema wanda zan damƙa wa kuɗi, kuma kalmar takan sa mata da manyan mutane su ɗauka ba da su ake ba.

Maganar lokaci ce ta fi ba ni kunya da na yi lissafinta. Matashin nan yana zuwa ƙarfe 8 na safe ya tashi 6 na yamma, kwana shida a mako, ba tare da tsayayyen hutun rana ba, sai dai ya ci abinci a tsaye idan ciniki ya lafa. Awa goma sau shida ya zama awa 60. Idan aka ƙara minti arba'in ɗin nan na bayan rufewa, sau shida, an sami minti 240, wato wata awa 4 cur a kowane mako wadda ni ban taɓa ƙirgawa a matsayin aiki ba, shi kuwa yana ƙirga ta kullum. Da na nemi ma'aunin da zan dogara da shi, sai na tarar cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan kasuwanci da ofisoshi a yarjejeniyarta mai lamba 30 ta shekarar 1930, sannan a yarjejeniya mai lamba 106 ta 1957 ta tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere a cikin kowane kwana bakwai. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kansu ba, kuma dokar ƙwadago ta ƙasar da mutum yake ita ce ke ɗaure shi, don haka ita ya kamata a fara dubawa, amma ni awa 48 ɗin na ɗauka a matsayin iyakata.

Littafin nan ne ya nuna mini yadda zan cusa aikin a cikin awa 48. Awa ɗaya da rabi na farkon safiya ciniki ba shi da yawa, kuma ni kaɗai ina iya buɗewa. Saboda haka na tsara ma'aikaci ya zo 9:30 na safe ya tashi 6:30 na yamma, da hutun awa ɗaya daga ƙarfe 1 zuwa 2, wanda zai iya barin shagon a cikinsa. A daina sayarwa ƙarfe 6, rabin awar ƙarshe kuma ta ƙidaya ce, tana cikin lokacin aikin da ake biya. Ranar hutu na sa Talata, domin ita ce ta fi ƙarancin ciniki a littafina.

Daga nan sai albashi. Na yanke shawarar rubuta adadin a fili, duk da cewa wani abokina ya ce hakan zai hana ni yin ciniki da mai nema. Gaskiyarsa, amma abin da zan rage ta hanyar ciniki bai kai asarar sake neman wani da koya masa aiki ba. Hanyar da na bi wajen gwada adadin ita ce mayar da shi kuɗin awa. Shekara tana da mako 52, don haka awa 48 sau 52, a raba gida 12, ya ba da awa 208 a wata. Mu ɗauki lamba mai sauƙin rabawa a matsayin misali kawai, a ce albashin wata 20,800 ne a kowane irin kuɗi: kuɗin awa ɗaya ya zama 100. Idan kuwa mutumin yana yin awa 60 a mako, awanninsa na wata sun zama 260, kuɗin awarsa ya faɗo zuwa 80, wato an rage masa kashi ɗaya cikin biyar ba tare da an taɓa adadin albashin ba. Wannan lissafin shi ya ba ni abin da zan biya idan an wuce lokaci, shi ne kuma na kwatanta da mafi ƙarancin albashin da doka ta tanada. Sannan na duba ribar watanni ukun da suka fi muni a shekarar da ta wuce, na tabbatar zan iya biya a irinsu, domin albashi ba ya jiran ciniki ya yi kyau.

Ga yadda sanarwar ta biyu ta fito, in ban da adadin kuɗin da lambar waya:

"Ana neman ma'aikacin shago guda ɗaya, namiji ko mace, wanda ya kai shekara 18, ya iya karatu da rubutu da lissafin canji. Ba dole sai ya taɓa aikin shago ba. Aikinsa shi ne sayarwa, ba da rasit, jera kaya, tsaftar shago, sauke kaya ranakun Litinin da Alhamis, da ƙidayar kuɗi tare da mai shago. Ba zai ba da bashi ko ya canza farashi ba. Lokacin aiki 9:30 na safe zuwa 6:30 na yamma, da hutun awa ɗaya, kwana shida a mako, hutu ranar Talata. Ana biyan albashi ranar ƙarshe ta kowane wata, kuma aikin da ya wuce lokaci ana biyansa a kan awa. Watan farko na gwaji ne, da cikakken albashi. Mai so ya aiko da sunansa da sunan mutum ɗaya da zai tsaya masa, kafin ranar da aka rubuta a ƙasa. Ba a karɓar kuɗin fom."

Maganar giɓi ban sa ta a sanarwar ba, saboda ta fi ƙarfin layi ɗaya, amma na sa ta a takardar yarjejeniyar da muka sa wa hannu. Yarjejeniyar kare albashi ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 95 ta 1949 ta ce ba a cire kuɗi daga albashi sai bisa sharuɗɗan da dokar ƙasa ko yarjejeniyar gama-gari ko hukuncin sasanci suka amince da su, wanda ke nufin abin da na yi wa matashin farko ra'ayina ne kawai na zartar. Yanzu kuɗin canjin da ake fara aiki da su muna ƙirga su tare da safe mu sa hannu, kuma muddin ma'aikaci ne ke kan teburin, ni ba na taɓa aljihun sai na rubuta abin da na ɗauka.

Waɗanda suka amsa sanarwar ta biyu ba su kai na farko yawa ba, sai dai kusan kowannensu ya zo da tambaya mai ma'ana, kamar nauyin katan ɗin da za a sauke, ko abin da zai faru idan ranar biya ta faɗo a Talata. Tambayar katan ɗin ta nuna mini giɓin da ya rage a rubutuna, domin "sauke kaya" yana iya nufin ƙaramin kwali, yana iya nufin buhun da sai mutum biyu. Wata mata ce na ɗauka, bayan na gwada ta da ba da canji sau uku da rubuta rasit ɗaya. A mako na uku motar kaya ta yi latti har muka kai 7:30 na dare, ta rubuta awa ɗayar a littafin halarta, na sa hannu a gefe, kuma a ƙarshen wata na haɗa kuɗin da albashinta ba tare da ɗayanmu ya sake ɗaga maganar ba.