Novigrad da katin hoton da ke zaman jira

Kwamfutata tsohuwa ce, mai firosesa Core i5-4570 da RAM gigabait 8 sanda ɗaya, kuma wasan The Witcher 3 yana tafiya lafiya lau a kanta muddin ina daji ko ƙauye. Da zarar na shiga birnin Novigrad na cikin wasan, musamman dandalin Hierarch Square inda jama'a suka cika maƙil, sai firem, wato hotunan da wasan ke nunawa, ya faɗo daga kusan 60 zuwa 35 a daƙiƙa. Wani mai shago ya ce katin hoto ne ya gaza, na zuba kuɗi na sayi GTX 1650, amma a dandalin nan ko gezau.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manhajar MSI Afterburner tana nuna aikin sabon katin a kashi 60 kacal, Task Manager kuma yana nuna firosesa a kashi 55, kamar babu wanda ya gaji. Ashe wannan 55 ɗin matsakaici ne na ƙwayoyin firosesa huɗu. Sai da na juya jadawalin zuwa Logical processors na ga ƙwaya ɗaya tana neman kai maƙura, sauran suna aiki sama-sama.

Domin a sami firem 60, dole a gama kowanne cikin milisakan 16.7. Kafin kati ya zana komai, firosesa ce ke lissafa inda kowane mutum ya dosa da motsin gaɓoɓinsa, sannan ta aika wa kati umarnin zana shi da tufarsa da inuwarsa, kuma a DirectX 11, manhajar da ke haɗa wasan da kati, yawancin wannan aikawa kan ƙwaya ɗaya take taruwa. Idan taron kasuwa ya ja aikinta zuwa milisakan 28, kati zai gama nasa a 16 ya zauna jira, kamar tela da ya gama ɗinki yana jiran mai yanka.

Gwajin da ya fayyace mini zancen kyauta ne, wanda mai shagon bai ko ambata ba. Na tsaya wuri ɗaya a dandalin, na sauke girman hoto daga 1080p zuwa 720p, firem ya tsaya a 35 ɗinsa. Da kati ne matsalar, da ya tashi nan take.

Daga nan na mayar da 1080p, na rage Number of Background Characters da Foliage Visibility Range, domin su ne ke cin firosesa, na bar Texture Quality a sama tunda wannan nauyin kati ne. Na kuma ƙara sandar RAM ta biyu irin ta farko, domin sanda ɗaya rabin hanya kawai take bai wa firosesa. Yanzu dandalin yana ba ni 45 zuwa 50, na kuma kulle firem a 45 da manhajar RivaTuner saboda tsalle-tsallen ya fi ƙarancin firem damuna. Kuɗin sandar nan bai kai kwatan na katin ba.