Takalmi ƙafa nawa za mu ɗinka kafin Sallah?

Takalmin fata na gaske ba ya fitowa yau a sa shi gobe. A shagonmu da ke cikin birnin Kano, kafin ƙafa ɗaya ta isa hannun mai saye sai an zaɓi ƙirgi, an yanka, an fere baki, an manna, an bar gam ya kama, sannan a ɗinke da zare mai kaki. Shi ya sa duk ƙarshen wata uku nake zama in yi lissafin abin da za a nema a wata ukun da ke tafe, domin fatar da zan yi aikin azumi da ita tun watan Janairu ake kama ta. Wanda ya jira sai an ga wata, zai tarar manyan fatu sun ƙare, sai ragowa mai tabo da huji.

Kawuna da ya koya mini dukanci ba ya rubuta komai. Yana zaune a zaure kan buzunsa zai ce, "Kai yaro, bana a ƙaro ƙirgi, kaka ta yi kyau, mutanen karkara za su shigo." Kuma sau da yawa haka ake yi. A wurinsa na koyi lanƙwasa fata in duba ko fuskarta za ta tsage, in shinshina in gane wadda aka jeme da bagaruwa ta jiƙu sosai da wadda aka yi wa gaggawa. Har yau da hancina nake sayen fata. Amma shi ma'aikata biyu gare shi, ni kuwa yanzu akwai 'yan sari da ke aiko saƙo daga Kaduna da Maraɗi, ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta riƙe wannan. 'Yar ƙanwata da ta karanta akanta ita ta zaunar da ni gaban Excel, ta ce, "Kawu, littafin cinikinka ya isa, shekara ɗaya kawai za mu kwashe."

Abin da muke zubawa yawan ƙafa ne, ba naira ba. Farashi yana hawa, idan ka rubuta kuɗi sai ka ɗauka kasuwa ta buɗe alhali takalman da suka fita ba su ƙaru ba. Ga cinikinmu na 2025 yadda yake a kwamfuta, wata a jerin A, ƙafa a jerin B, kan magana a layi na 1:

```
A          B
Wata       Ƙafa
Janairu    310
Fabrairu   380
Maris      720
Afrilu     260
Mayu       540
Yuni       400
Yuli       280
Agusta     270
Satumba    300
Oktoba     330
Nuwamba    350
Disamba    430
```

Dabarar ita ce matsakaici mai matsawa. Ka haɗa cinikin wata uku da suka wuce, ka raba uku, abin da ya fito shi ne hasashen wata na gaba. Idan wata ya ƙare sai ka jefar da mafi tsufa ka ɗauko sabo. Tunda Janairu yana layi na 2, wata na farko da ke da uku a bayansa shi ne Afrilu, layi na 5. A gidan `C5` sai a rubuta:

```
=AVERAGE(B2:B4)
```

Sai a kama kusurwar gidan a ja ƙasa har `C14`, layin Janairun 2026. Can zai ɗauki Oktoba, Nuwamba da Disamba: 330 da 350 da 430 sun zama 1,110, a raba uku, 370. Idan aka ɗauka kowane wata cikin ukun zai yi haka, hasashen Janairu zuwa Maris ƙafa 1,110 ke nan.

A `C14` ake tsayawa. Na ga maƙwabcina mai jakunkuna ya ci gaba da ja har layin Maris yana murna lambar tana hawa; a namu lissafin da sai ta zama 390, sannan 430. Ba kasuwa ce ke hawa ba. Excel ba ya ƙirga gidan da babu komai a ciki, don haka a Fabrairu wata biyu kawai ya raba, a Maris kuma Disamba kaɗai ya maimaita. Haka ma idan aka rubuta kalma a jikin lamba, kamar a sa "ƙafa 310" a gida ɗaya, zai tsallake gidan bai ce uffan ba. Sifili kuwa yana ƙirga shi.

To, wannan 1,110 ban yarda da ita haka kawai ba, kuma dalilin yana cikin takardar. A jerin D muna auna tazarar da ke tsakanin hasashe da abin da aka saya a zahiri, daga `D5` zuwa `D13`:

```
=ABS(B5-C5)
```

Dubi Afrilu. Hasashe ya ce 470, aka sayi 260, tazarar ƙafa 210. Cinikin Ƙaramar Sallah ne, wadda aka yi ran 30 ga Maris, ya shiga lissafin ya kumbura shi, alhali bayan Sallah aljihun kowa ya bushe. Babbar Sallah ta 6 ga Yuni ma haka ta yi: a Yuli hasashe 400, ciniki 280, a Agusta hasashe 407, ciniki 270. Matsakaici kamar kare ne mai bin sawu, inda kasuwa ta riga ta wuce nan yake kai ka. Amma daga Satumba zuwa Nuwamba, da babu wata hidima, tazarar ta sauko 17, 47 da 50. Wannan ya nuna mini inda dabarar take da ƙarfi: tana gane cinikin yau da kullum, ba ta ganin Sallah tana tahowa. Akwai kuma alama ta biyu. Oktoba, Nuwamba da Disamba duka hasashen ƙasa ya faɗi da ciniki. Idan ka ga kuskure yana karkata gefe ɗaya wata uku a jere, kasuwa ce ke tashi, matsakaicin yana biye a baya.

Wani zai ce me ya hana a haɗa duk wata goma sha biyun a raba? An haɗa, 4,570 ne, kusan 381 a wata. Lamba ce mai kyau ga mai son sanin girman shagonsa, amma ta shafa Sallah biyu a kan kowane wata, har Agusta da ruwa ke hana mutane fitowa. Wata biyu kuma ya yi kaɗan, oda ɗaya babba sai ta fizge shi. Uku ne ya dace da mu.

Ga yadda nake gyara lissafin. Da farko na cire abin da ba zai maimaitu ba. Cikin 430 na Disamba akwai ƙafa 70 na ankon abokan ango, biki ɗaya, launi ɗaya. Aikin da na yi alfahari da shi ne, baƙar fata mai laushi da ɗinkin hannu a baki, kowace ƙafa an auna ta da mai ita, amma ba kowane wata ake irin wannan biki ba. Na bar 430 a jerin B don tarihi, na buɗe jerin E na gyararrun lambobi na sa 360. Matsakaicin ya koma 330, 350 da 360 a raba uku, kusan 347, wata uku kuma 1,040. Wannan shi ne tushe.

Sai in ɗora Sallah da hannuna. A 2025 Janairu wata ne na yau da kullum, 310. Da babu azumi, Fabrairu da Maris za su yi kamar 620, amma sun yi 1,100. Rarar 480 ita ce rabon Sallah. A 2026 ma Ƙaramar Sallah tana cikin wannan zangon, wajen 20 ga Maris, don haka 1,040 da 480, ƙafa 1,520. Tsakaninta da 1,110 ta farko akwai ƙafa 410, aikin makonni ne ga masu ɗinkina.

Wannan 480 daga Sallah ɗaya tak na samo ta, domin wata goma sha biyu sau ɗaya suke nuna maka kowane lokaci. Ba matsakaici ba ce, shaida ɗaya ce, shi ya sa ban ƙara mata komai ba duk da tushen ya ɗaga daga 310 zuwa 347. Sannan Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Bara ƙafa 70 kawai na rarar suka faɗo a Fabrairu, 410 a Maris. A 2026 farkon azumi wajen 18 ga Fabrairu ne, 'yan sari kuwa da farkon azumi suke son kaya a hannu, don haka Fabrairu zai ɗauki kaso mafi girma fiye da na bara. Jimillar ba ta canja ba, ranar da fata za ta shigo shago ce ta matso.

A nan ne raina yake ɓaci kowace shekara. Ka yi lissafinka tsaf, ka je ka zaɓi ƙirgi da hannunka, ka sa alama a bayansa, dillali ya ce, "Alhaji, jibi in sha Allahu yana ƙofar shagonka." Jibi ta zama mako biyu, kuma da ka kwance ɗaurin sai ka ga na sama ne kawai naka, na ciki duk sirara ne masu tabon wuƙa. Mu ba ma rufe tabo da fenti. Fatar da ba ta kai ba sai a mayar, a sake jira. Su kuwa masu kwaikwayon samfurinmu ba ruwansu da wannan wahala, leda mai kama da fata suke yankawa, su manna ba ɗinki, su sayar rabin kuɗi, bayan hawan Sallah takalmin ya buɗe baki. Har kawo mini irinsa ake yi gyara, wai an ce namu ne. Ina juya shi in nuna wa mutum ƙasan: namu za ka ga zare ya ratsa, tazarar ɗinkin daidai tun daga yatsa har dunduniya.

Saboda jinkirin dillalai, Maris ɗin bara ya yi ƙarya kaɗan a takarda. 720 abin da muka iya fitarwa ne, ba abin da aka nema ba, domin a goman ƙarshe akwai waɗanda muka ba haƙuri. Takarda ciniki take gani, ba ta ganin wanda ya juya hannu rabbana. Tun daga nan na sa yaron shago ya riƙe jeri na musamman, duk wanda ya nemi lamba ko launi ya rasa a rubuta, a ƙarshen wata a haɗa da ciniki kafin a ɗauki matsakaici.

Abin da na tsayar wa Janairu zuwa Maris na 2026 shi ne ɗinkin ƙafa 1,520, da fatar ƙarin ƙafa 150 a ajiye ba a yanka ba, tunda a watannin da babu hidima kuskuren hasashe bai wuce 50 a wata ba. Fatar da ba a yanka ba tana jiran Babbar Sallah, wadda aka riga aka yanka lamba 46 kuwa sai mai ƙafar ya zo. Ran 1 ga Fabrairu zan zuba cinikin Janairu a `B14`. Idan ya haura 400 zan kira dillali a ƙaro ƙirgi tun azumi bai kama ba, idan ya tsaya ƙasa da 300 sai in rage yankan Maris. Masu son anko ko sari na Sallah su kawo odarsu kafin tsakiyar Sha'aban, domin bayan nan sai dai abin da ke kan kanta.