Kurakurai huɗu da na ce ba su kai a damu ba

Ƙannena masu shiga aikin binciken kuɗi, a makonku na farko za a ba ku wata lamba, a ce duk kuskuren da bai kai ta ba ƙarami ne. Ni ma haka aka ba ni, na riƙe ta kamar sandar makaho, har ta kusa jefa ni rami.

Ga yadda ake samo lambar. Odita ba ya iya duba kowane rasit na kamfani, shi ya sa tun kafin ya buɗe littafi yake tambayar kansa: kuskure zai kai nawa kafin ya sauya shawarar mai karanta bayanan kuɗin nan, wato mai hannun jari ko banki mai ba da rance? Amsar ita ce iyakar muhimmanci. Ƙa'idar bincike ta duniya mai lamba 320 ita ke magana a kanta, kuma ba ta ɗaure kowa da wani kaso ba, ta bar abin ga hankalin mai bincike. Abin da aka saba dai shi ne a ɗauki kashi 5 cikin ɗari na riba kafin haraji idan kamfani yana cin riba daidai gwargwado. Idan ribar tana hawa da sauka, ko babu ita ma, sai a koma ga jimlar ciniki ko jimlar kadarori, da kaso mafi ƙanƙanta.

Kamfanin da nake nufi yana sarrafa kaya yana sayarwa, kuma a shekarar ya nuna riba miliyan 200 kafin haraji. Kashi 5 ya ba mu miliyan 10. Daga nan muka sauko zuwa miliyan 7.5, wato kashi 75 na waccan, muka mai da ita ma'aunin aiki, wanda da shi muke zaɓar asusun da za mu tona da yawan takardun da za mu jawo. Ana saukowa ne don a bar gurbi ga kurakuran da ba za mu taɓa gani ba. Sai lamba ta uku a can ƙasa, dubu 500: abin da bai kai wannan ba ko rubuta shi ba a yi, sai dai idan yana da wari.

An ɗora min ɓangaren ciniki da sito da basussuka. Na yi aiki tsakani da Allah, na kuma gano abubuwa huɗu. Na farko, an rubuta wani ciniki ranar 30 ga Disamba, alhali takardar fitar da kaya ta nuna motar ba ta bar sito ba sai 4 ga Janairu. Ribar da ke cikinsa miliyan 3.2. Na biyu, kuɗin dakon kaya na watan Disamba, miliyan 1.8, ba a shigar da shi ba domin takardar neman biya ta iso a makare. Na uku, akwai kaya a sito da suka kwana biyu, waɗanda ba za su sayu a kan abin da aka kashe musu ba, kuma ƙa'ida ta ce a rubuta kaya a kan mafi ƙanƙanta tsakanin abin da aka kashe da abin da za a samu bayan cire ɗawainiyar sayarwa. Bambancin miliyan 2.6. Na huɗu, wani ɗan kasuwa da ake bi bashi ya daina biya wata takwas, tanadin da aka yi, wato kuɗin da aka ware daga riba don asarar bashin, ya gaza da miliyan 1.9.

Kowanne na auna shi da miliyan 10, na ga ko kusa bai je ba, na rubuta a gefensa cewa bai kai a damu ba. Na ma haɗa su, don an koya min haka: miliyan 9.5. Har yanzu ƙasa da iyaka. Na rufe fayil ina jin na iya aiki.

Saura kwana biyu a sa hannu, ogana ya kira ni. Dattijo ne marar hayaniya. Ya ɗora yatsa a kan takardar, ya ce, "Malam, waɗannan huɗun, wanne ne a ciki ya rage riba?"

Na duba, na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Duka ƙara ta suka yi."

Ya ce, "To ka karanta yarjejeniyar rancen banki?"

Na ce wannan ba ɓangarena ba ne. Bai ce komai ba, ya turo min ita.

Kamfanin yana da rancen miliyan 400 na dogon lokaci, kuma a cikin sharuɗɗan akwai cewa ribar kafin kuɗin ruwa da haraji dole ta ninka kuɗin ruwa aƙalla sau biyar a ƙarshen kowace shekara. Kuɗin ruwan shekarar miliyan 49 ne. Ninki biyar, 245. Abin da kamfani ya nuna shi ne 200 a tara da 49, wato 249. Sun haye da miliyan 4 kacal. Cire 9.5 ɗina, a sauka 239.5, sharaɗi ya karye. In ya karye, banki yana da ikon cewa a biya shi nan take, kuma rancen dole ya tashi daga layin basussukan nesa ya koma na kusa a takardar kadarori. Kamfanin da ake gani a tsaye sai ga shi ana binsa miliyan 400 cikin shekara.

Ashe ga banki, wanda shi ne babban mai karanta waɗannan bayanan, kuskuren da ya haura miliyan 4 ya isa. Miliyan goman da nake taƙama da ita lissafi ce da muka yi a ofishinmu don tsara aiki, ba ruwan banki da ita.

Kuskurena kashi biyu ne, kuma ina so ku raba su. Ɗaya shi ne ban kalli inda kurakuran suka dosa ba. Kuskuren gaskiya ba ya zaɓar gefe: akanta ya manta wani kuɗin da aka kashe, gobe ya manta wani da aka samu. Idan huɗu suka jeru duka suna tura riba sama, kuma biyu a cikinsu, kayan sito da bashin nan, abubuwa ne da manajoji ke ƙiyastawa da ra'ayinsu, to biri ya yi kama da mutum. Ba hujja ce ta zamba ba, amma dalili ne na faɗaɗa bincike. Ga shi kuma 9.5 ɗin abin da na gani ne a 'yan takardun da na jawo. Ban bar wa abin da ban gani ba komai sai dubu 500. Ɗayan kuma shi ne na auna girma na manta da yanayi. Tun 1999 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta gargaɗi akantoci cewa dogaro da kashi 5 kaɗai ba ya wanke kowa. Ƙaramin kuskure yana zama babba idan ya mai da asara riba, ko ya ɓoye karya sharaɗin rance, ko ya kai manaja ga samun ladan ƙarshen shekara. Kuɗin da darakta ya karkatar zuwa aljihunsa kuwa, ko bai kai dubu 500 ba, ba a cewa ƙarami ne.

An zauna da mahukuntan kamfanin, sun yi ta ja, daga baya suka gyara duka huɗun, suka je suka fuskanci bankinsu. Ni kuma na fito da darasin da bai cika ba. Na ɗauka cewa haɗari duka yana wajen kumbura riba, saboda haka duk abin da ya rage ta lafiya ne. Na sa wa wannan suna taka-tsantsan.

Bayan shekara biyu aka tura ni wani kamfani, wannan karon ni ke jan tawaga. Ana shari'a da su a kan wata kwangila. Lauyansu ya rubuto cewa an fi tsammanin za su sha kaye, kuma abin da za su biya zai kai kimanin miliyan 6. Ƙa'ida a nan a fili take: idan yiwuwar biya ta fi ta rashin biya, a yi tanadi a kan ƙiyasi mafi dacewa da hujjar da ke hannu. Su kuwa sun ware miliyan 15. Na tambayi shugaban sashen kuɗi, ya yi murmushi ya ce, "Ai gara mu yi hattara." Maganar ta yi min daɗi. Na sa alama na wuce.

Ku lura, ribarsu ta shekarar miliyan 120 ce, iyakarmu miliyan 6. Rarar da ke cikin tanadin miliyan 9 ce. Da ƙara riba ta yi, da na tayar da jijiyar wuya. Da yake rage ta ta yi, ko cikin jerin kurakurai ban sa ta ba.

Taka-tsantsan a aikin akanta yana nufin idan abu yana cikin duhu, kada ka kumbura kadara ko kuɗin shiga, kada ka ƙanƙantar da bashi ko kashewa. Bai ba ka izinin ƙirƙirar bashin da babu shi ba. Kalmar ta taɓa jawo rigima har hukumar da ke tsara ƙa'idojin akanta na duniya, mai mazauni a Landan, ta cire ta daga tsarin tushenta a 2010, saboda ana fakewa da ita ana karkatar da lissafi. Da ta dawo da ita a 2018, sai ta fayyace cewa hattara ce wajen yanke hukunci cikin rashin tabbas, kuma ba ta halatta rage kadara ko ƙara bashi da gangan ba. Dalilin mai sauƙi ne: abin da ka ɓoye bana, baɗi zai fito, kuma mai ɓoyewa shi ke zaɓar ranar fitowarsa.

Shekarar da ta biyo baya kasuwa ta yi musu sanyi. An sasanta shari'ar a kan miliyan 6, kamar yadda lauya ya faɗa, sai suka mayar da ragowar 9 cikin riba. Ribar da suka ci da guminsu miliyan 112 ce, suka nuna 121. Mai hannun jari ya ga 120 bara, 121 bana, ya ce kamfani yana nan daram. Gaskiyar kuwa 129 ce ta faɗo zuwa 112.

Yanzu idan na ga tanadi, abu uku nake nema kafin in sa alama: takardar da ƙiyasin ya dogara a kanta, abin da aka ware bara da abin da aka biya a ƙarshe, da kuma ko shekarar ta yi wa kamfani kyau fiye da kima. Takardar lauyan nan tana cikin fayil ɗina tun farko, da lamba 6 a rubuce ɓaro-ɓaro, kuma ni da hannuna na huda ta na saka.